Abin da Ke Ƙasan Saƙon

Malam Maharazu, sakataren ƙungiyar manoman rani ta Kadawa, mutum ɗaya ya faɗa wa cewa tumatirinsu ya nuna gaba ɗaya, in aka kwana uku zai ruɓe. Mutumin kuwa Lukmanu ne, amininsa mai dillanci a Kano.

Washegari Lukmanu ya bugo waya. "Malam, akwai wata Hajiya Rauda mai kai wa otal-otal kaya a Abuja. Ita ta amince in haɗa ku ta imel. Kai fa?"

"Haba, kai da kaya duk mallakar wuya ne," Maharazu ya so ya ce, sai kawai ya ce, "Na amince."

Ya hau acaɓa zuwa kafen intanet a Kura, ya buɗe akwatinsa na imel. Saƙon tsaf: adireshinsa da na Hajiya a sama, ga bayanin kowa, ga dalili. Tana neman tumatir mai kyau, shi kuma yana da shi. Har ya fara murmushi.

Sai ya ga rubutun bai ƙare ba. Ashe Lukmanu bai buɗe sabon saƙo ba, a kan tsohuwar hirarsu da Hajiya ya ɗora, ya ƙara sunan Maharazu.

"Hajiya, kada ki yi saurin amsa masa. Ki ja shi kwana biyu. Da bakinsa ya ce min kayan sun kusa ruɓewa."

Maharazu ya danna amsa ga su biyun, ya rubuta da yatsa ɗaya: "Na gode da haɗin, Lukmanu. Na karanta har ƙasa."