Ƙwaya Uku, Ranar Talata

Shekara talatin da takwas Mai Agogo ya yi yana leƙa cikin agogunan mutane da gilashi manne a ido ɗaya, kuma a duk shekarun nan bai taɓa karanta takardar magani ba. Yana da mata, me zai kai shi? Ita ce kunnensa a gaban likita, ita ce idonsa a kan kwalba. Nasa kawai ya buɗe tafin hannu ta zuba masa, ya kora da ruwa, ya ce mata ta cika tsirfa. Da ta rasu a farkon shekarar nan, sai ya gano cewa ko sunan maganin hawan jininsa bai sani ba.

Yanzu shi kaɗai ne a ɗaki biyu a hawa na uku, shi da agogon bango bakwai da masu su ba su taɓa dawowa karɓa ba. Shagonsa na gyaran agogo kuwa ya rufe shi tun da yatsunsa suka fara kumbura suna ƙin lanƙwasa da safe. 'Yarsa ɗaya, Auta, tana wani gari mai nisa, tana aiki a masana'antar kwali inda ake kulle waya a loka, wato akwatin ajiya, har sai an tashi hutun rabin awa. Ba ta ƙi shi ba, kowa ya san haka. Amma in ya rubuta mata "Ya aiki?" amsar kan kwana biyu a hanya. In kuwa hoton kwalbar magani ya tura, kafin ya ajiye wayar ta amsa. Dattijon ya lura da wannan, bai kuma gaya wa kowa ba.

Likitan gaɓoɓi ya ba shi sabon magani, ya yi bayani mai tsawo, ya ce ya dawo bayan mako huɗu a duba jininsa. Mai Agogo ya yi ta gyaɗa kai kamar yadda ya saba, ya manta babu kowa a kujerar gefensa da ke saurare. Gwiwarsa ta hana shi tsayuwa a layi, sai maƙwabcinsa direba ya karɓo masa maganin a kantin magani, ya miƙo ledar ta bakin ƙofa ya wuce aiki. Kwalba biyu ne. Ɗaya folik asid ne na ƙarin jini, ɗayar kuma 'yar ƙarama mai ƙananan ƙwayoyi rawaya, an rubuta methotrexate a jikinta.

Ya ɗauki hoton ƙaramar yadda ya saba kallon komai a rayuwarsa, wato kusa-kusa, har wayar tana neman taɓa kwalbar. Rubutun ya fito raɗau, ya ji daɗin aikinsa. Sai dai kwalba zagayayya ce, takardar ta naɗe ta, hoton ya kamo farkon layin ya bar ƙarshensa a baya.

Minti shida Auta ta amsa: "Guda uku, sau ɗaya, Baba. Allah ƙara sauƙi. Zan koma ciki."

Ya karanta saƙon ya fi sau biyar. Sau ɗaya, to, sau ɗaya a rana ke nan, kamar na hawan jini. Ya sha uku ranar Talata, ya sha uku ranar Laraba.

Ranar Alhamis da safe ya karkato kwalbar, uku suka faɗo tafinsa, ya leƙa ciki ya ga saura uku kacal. Hannunsa ya tsaya. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana lissafin haƙoran ƙafafun agogo ba ya ganin lissafi ya karkace ya wuce. Ƙwaya goma sha biyu, uku kullum, kwana huɗu sun ƙare. Likita kuwa mako huɗu ya ce. Sha biyu a raba huɗu, uku. Ashe uku a mako ke nan, ba a rana ba.

Ya ajiye ƙwayoyin a kan faranti, ya jawo aljihun tebur, ya zaro tsohon gilashinsa ya manna a ido. Ya juya kwalbar a hankali, harafi bayan harafi. Layin da Auta ta karanta masa yana nan, kuma yana da ƙarshe: guda uku sau ɗaya a mako, a rana guda kowane mako. Can baya kuma ga wata jar takarda da manyan baƙaƙe, kada a sha kullum. Kunya ta fi tsoro kama shi. Ashe duk watannin nan zai iya karantawa da kansa, ya kuma san zai iya.

Ya kira Auta, wayar ta yi ta ringi a cikin loka. Ya fara rubuta saƙo, ya goge. Me zai ce? Ke kika ce in sha? Yarinyar da ke tsaye awa tara a kan ƙafarta, ya ɗora mata wannan? Zuciyarsa ta kawo masa dabara mai sauƙi: ya yi shiru, ya tsallake mako biyu, lissafi ya daidaita, babu wanda ya ji. Ai ba ya jin komai a jikinsa. Ya zauna da dabarar kusan awa guda, agogo bakwai suna ta aikinsu a kansa. Abin da ya tayar da shi tunanin marigayiya ne, wadda ko maganin tari ba ta yarda ta ba shi sai ta tambaya. Ya mayar da ƙwayoyin uku, ya zuba duk magungunansa a leda, ya ɗauki sanda.

Matakala arba'in da biyu ne zuwa ƙasa, ya ƙirga su da gwiwarsa. Kantin maganin yana bayan tashar bas, tsakanin mai wanki da shagon takalma. Wadda ke bayan kanta mace ce mai kimanin shekarun Auta, sanye da farar riga, ita ce mai haɗa magunguna a wurin. Ya bari mutum biyu suka gama, har ya bar na uku ya wuce gabansa, kafin ya ajiye kwalbar.

"'Yata, na yi ɓarna. Wannan na mako-mako ne, ni kuma na sha jiya na sha shekaranjiya."

Ba ta zaro ido ba, alhali zaro idon ne ya fi tsoro. Ta fito daga bayan kanta ta jawo masa kujera.

"Guda nawa-nawa, Baba?"

"Uku-uku."

"Yau fa?"

"Sun zo hannu, ba su kai baki ba."

"Madalla." Ta juye kwalbar a ɗan tire ta ƙirga, shida. "Akwai gyambo a baki? Ciwon maƙogwaro, zazzaɓi, amai ko gudawa? Numfashi lafiya? Kun ga jini ko wani tabo a fata da ba ku san dalilinsa ba?"

Duk ya ce babu. Ya ƙara da cewa, da ma ya yi niyyar tsallake mako biyu ne kawai.

"Gara da kuka zo. Wannan maganin in ya yi yawa ba ya nunawa nan take, yakan ɗau kwanaki, jini ne ke fara faɗa. Kada ku ƙara shan ko ɗaya sai likita ya ce. Yanzu zan kira asibitin, yau ɗin nan za su duba ku su ɗebi jini, ba gobe ba."

Ta zazzage ledar. Ta ware wani kwalin ibuprofen, maganin ciwon jiki da ya saya tun kafin ya ga likita, ta ce wannan kada ya haɗa shi da sabon maganin sai an tambaya, haka duk wani maganin kashe ƙwayar cuta da wani zai rubuta masa, ya fara faɗa musu yana shan wannan. Folik asid ɗin kuma, ta nuna masa a takardarsa, ba a rana ɗaya ake shan su ba.

"Wa ya karanta muku takardar?"

Ya miƙa mata wayar. Ta duba hoton, ta ɗora kwalbar a gefensa, ta juya ta kaɗan. Ya yi saurin cewa, "Ba laifinta ba ne. Abin da na nuna mata ta karanta."

"Na gani. Hoton ya yi kyau, kusa ne ya yi yawa. Kwalba irin wannan sai an ɗauka sau uku ana juyawa, har da jar takardar. In kuma adadin ƙwaya bai yi daidai da kwanakin ba, ko wani abu ya shige muku duhu, nan za ku zo ko ku bugo mana, kada a yanke hukunci da hoto." Ta ɗaga wayar kantin ta yi magana da asibiti, ta rubuta masa 'yar takarda da yawan abin da ya sha da ranakun. Sannan ta ɗauki alƙalami mai kauri. "In likita ya ce ku ci gaba, wace rana ce ba za ku manta ba? Mu rubuta ta a murfi."

Mai Agogo ya shiga laluben rana a ransa. Ya san ƙarfe nawa ne a kowane lokaci, ko daga barci aka tashe shi. Amma ranaku? Tun da ya rufe shago ya binne matarsa, Litinin da Asabar duk ɗaya ne a hawa na uku. Babu ranar da wani ke zuwa, babu ranar da yake zuwa wani wuri. Ya yi ta kallon murfin kwalbar.

"Talata kuka fara," ta ce a hankali. "Mu bar shi Talata, in likita bai canza ba. Akwai wanda zai raka ku asibiti?"

"Tasi za ta raka ni."

Yana zaune a bencin ɗakin ɗibar jini, da auduga a lanƙwasar hannu, Auta ta kira. Ta ga kiransa a hutu. Ya yi niyyar ɓoyewa, sai lasifikar asibitin ta kira lambar wani, ta ji. Dole ya faɗa. Sai ya ji tana kuka ƙasa-ƙasa, ga ƙarar injuna a bayanta.

"Ni na ce guda uku, Baba. Ko tambayarka ban yi ba ina sauran rubutun."

"Ke dai bari. Mai hoton ne ba shi da gwaninta. Sun ce za su sake duba jinin nan da 'yan kwanaki, kuma na zo da wuri."

"Daga yau kada ka ƙara turo min hoton magani. Ka kai wa matar nan, ita ta sani."

Ya ce to. Gaskiya ta faɗa, ya sani, amma sai ya ji kamar an rufe masa taga ɗaya tilo da ke ɗakin.

"Wace rana suka sa maka?"

"Talata."

"To duk Talata zan kira ka a hutuna, ka sha ina ji. Baba, an buga ƙararrawa, sai na koma."

Da ya dawo gida ya hau matakalar arba'in da biyu, ya ajiye kwalbar a kan tebur, murfinta na kallonsa da manyan baƙaƙe. Ya nemo kalandar da wani kamfanin batir ya ba shi, wadda ke rataye a watan da matarsa ta rasu, ya yi ta yage shafuka har ya iso yau. Da ƙyar yatsunsa suka riƙe biro, ya zagaye Talata huɗu. Yana jin kunyar murnar da yake yi, amma murnar ba ta fasa ba. Ya sa yatsa a kan Alhamis ya ƙirga gaba, saura kwana biyar.