Watan Ladabi a Sito

A sito kowa ya san watan ladabi. Shi ne watan ƙarshe kafin a cike takardar auna aikin shekara. A watan ne Ɗan Gayu, wanda ba ya shiri da tsintsiya, yake share har ƙarƙashin kanta, ya hango Manaja tun daga bakin get ya rusuna. Tsohon shugaban sito abin da ya gani jiya kawai yake tunawa, shi ya sa ma'aikata suka koyi adana ƙoƙarinsu sai ƙarshe.

Dogo, mai tuƙa motar ɗaga kaya, a wannan watan ne komai ya kwaɓe masa. Ya yi ta makara. Ran nan kuma ya goga motar a jikin kanta, gwangwanayen fenti suka faɗo suka fashe. Ga shi ɗan kwantiragi. In makinsa ya yi ƙasa ba za a mayar da shi na dindindin ba, sai ya nemi wani wuri.

Sabuwar shugabar sito, wadda kowa ke ce wa Anti, tana zaune a ofis da takardarsa a gabanta. Ta tagar gilashi tana hango tabon shuɗin fentin da ya ƙi fita daga siminti. Ta ɗauki biro ta yi alama a layin "bai gamsar ba".

Manaja ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"Na Dogo ne? Ai wannan ba ya buƙatar dogon tunani. Shi kuwa Ɗan Gayu ki duba shi da kyau, yaron nan akwai himma."

"Tun yaushe, Yallaɓai?"

Manaja ya kurɓi shayi. "Ni dai na ga yana shara."

Bayan ya fita ta ajiye biron. Tun zuwanta take rubuta layi ɗaya ko biyu a kan kowane ma'aikaci duk ƙarshen mako, a kwamfuta: kwanan wata, abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi, ba tare da ra'ayinta ba. Kowa ya san da shi, don takan karanta wa mutum nasa. Amma yau ta yi alama ba ta buɗe ba. Ta buɗe na Dogo, ta koma can sama, ta fara daga watan farko.

Ya lura birkin motar ya yi laushi, ya ƙi hawa sai da aka gyara. Ya koya wa sababbi biyu jera kaya masu nauyi a ƙasa. Ya yi cacar baki da direban tirela, an ja masa kunne, bai sake ba. Rufi ya yi yoyo, ya kwashe kwalaye kafin su jiƙe. Wannan ma ta manta da shi sam, alhali ita ta riƙe masa leda ranar.

Ta aika aka kira shi. Ya tsaya bakin ƙofa yana murza hular kwano.

"Anti, in maganar fenti ce..."

"Da ita, da sauran. Zauna mana, tsawonka yana tare min haske."

Ta juya masa kwamfutar, suka bi tare. Da suka zo kan yoyon rufi ya ɗan yi murmushi. Da suka gangaro ƙasa murmushin ya tafi.

"Makarar nan fa? Daga farkon shekara ban ga ko ɗaya ba sai yanzu."

"Yayata ce aka yi wa aiki a ƙafa. Ni ke kai yaranta makaranta. Ta kusa fara takawa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"A watan ladabi, Anti? Sai a ce uzuri nake nema."

Ta ciro sabuwar takarda. Ta yi alama a "ya gamsar", ta rubuta birki da yoyo da koyarwa. Ta rubuta fenti da makara su ma, da sharaɗin su sake zama bayan wata guda. Dogo ya karanta a hankali, ya sa hannu.

Da Manaja ya dawo ofishin, ya karanta takardar sau biyu a tsaye, ya nemi ganin bayanan, ta buga masa. Ya daɗe a kan shafin farko.

"Birkin nan ashe shi ne? Na ɗauka makanike ne ya gano." Ya sa hannu a wurin mayar da Dogo na dindindin. "Na Ɗan Gayu fa?"

"Yanzu zan buɗe. Shi ma daga sama zan fara."

Ta taga ta hango Ɗan Gayu yana goge tabon fentin da iya ƙarfinsa, yana satar kallon ofis. Dogo ya hau motarsa, ya taka birki ya gwada, sannan ya danna wa Ɗan Gayu hon a hankali don ya matsa.