Mabuɗin Ɗakin Baba Likita

Ranar Litinin da safe Shugaban asibitin ya kira Sakatariya, ya ce ta turo ƙofa. Watanta huɗu da kama aiki, amma ta riga ta gane cewa duk sa'ad da ya cire tabarau yana murza ido, to wani abu ne ke damunsa.

"Kwalaben jarirai za su iso nan da mako biyu," in ji shi. "Guda shida. Masu haɗa wuta suna son ɗakin da ke jikin sashen haihuwa tun Litinin mai zuwa. Babu wani ɗakin da ya dace sai shi."

Nan take ta gane. Kowa a asibitin ya san ɗakin. Na Baba Likita ne, wanda ya buɗe sashen haihuwa da hannunsa, ya shugabanci asibitin shekara ashirin da biyu. Da ya yi ritaya aka ba shi muƙamin mai ba da shawara, aka bar masa ɗakin. Duk Talata da Alhamis yana zuwa da sandarsa, ya zauna, ya ba shukarsa ta bakin taga ruwa, ƙananan likitoci su leƙo da tambayoyinsu.

"Ki rubuta masa wasiƙa in sa hannu."

"Ranka ya daɗe, ba gara a faɗa masa da baki ba?"

"Shi ya koya mini riƙe almakashi. In tsaya a gabansa in ce ya tashi? Ki dai rubuta."

Ta nufi wurin Babban Akawu, wanda ya kusa shekara talatin yana tsaron fayil-fayil. Da ta faɗa masa abin da ya kawo ta, bai ko ɗaga kai ba, ya zaro wata takarda ya miƙo mata.

"Ga shi nan, a shirye. Canja suna da kwanan wata kawai."

Ta karanta. *Ana sanar da kai cewa ka miƙa mabuɗi cikin kwana bakwai daga ranar wannan takarda. Rashin yin haka…* A ƙasa an rubuta "a madadin Shugaba", sannan jerin ofisoshi huɗu da za a aika wa kwafi.

"Baba Akawu, wannan ai ta masu ƙin tashi daga gidajen ma'aikata ce!"

"Ɗaki ɗaki ne, 'yata. Takardar ofis ba ta san furfura ba."

"To kai ka kai masa."

Ya yi dariya har da tari. "Ni? Ina da sauran shekara biyu in yi ritaya lafiya. Wanda ya ɗauko kura shi ya san yadda zai yi da ita."

Da ta koma gida da yamma ta tarar da Umma tana ninke wanki. Ta ba ta labari. Umma ta ajiye zanen da ke hannunta.

"Shi za ki kora? Ke Auta, kin manta ke bakwaini ce? Kamar ɗan tsako aka ciro ki. Mutumin nan ya naɗe ki a auduga, kwana sha tara yana leƙo ki. In kika ɓata masa rai, kada ki ce ni na haife ki."

"Umma, ba ni ce mai korar ba, alƙalami kawai nake riƙewa."

"Wuƙa ma hannu ke riƙe ta."

Wannan maganar ce ta bi ta ofis washegari. Ta zauna gaban kwamfuta zuciyarta cike, kalmomi suka dinga zubo mata kamar an fasa tulu. Ta fara da muƙamansa duka, layi uku. Ta kira shi bango abin jingina, inuwar da ba ta ƙyamar kowa, fitilar da ta kunna fitilu. Ta ambaci dubban jariran da suka yi kukan farko a tafin hannunsa, har sai da ta tsaya ta share ido. A shafi na biyu, can kusa da ƙarshe, ta saƙa jimla ɗaya a hankali, kamar mai tafiya a kan ƙwai: *Muna fata, idan hali ya yi, Baba zai duba yiwuwar yadda za a ƙara cin moriyar wasu sassan ginin.* Ba ta ambaci ɗaki ba, ba ta sa rana ba. A ganinta ambaton su rashin kunya ne.

Shugaba ya karanta shafin farko, fuskarsa ta saki. "Madalla! Haka ake yi wa manya magana." Ya sa hannu. Aka ba masinja ya kai gidan tsohon.

Ranar Alhamis Baba Likita ya zo kamar kullum. Ya buɗe ɗakinsa, ya ba shukarsa ruwa. Bai ɗauke ko allura ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata nas ta leƙo ofishin Sakatariya.

"Baba ya ce wanda ya rubuta wasiƙar nan ya zo. Ya ce ba wanda ya sa hannu ba, wanda ya rubuta."

Ta tashi ta tafi. A hanya ta ratsa ta gaban sashen haihuwa, inda wata mai jego ke zaune a benci rungume da ɗan mitsitsin jariri a ƙirji, an lulluɓe su da bargo, saboda kwalabe biyun da ake da su duk a cike suke.

Ɗakin yana ƙamshin tsofaffin littattafai da man goge katako. Ta rusuna ta gaishe shi. Wasiƙar tana shimfiɗe a kan tebur, ya danne ta da tabaransa.

"Zauna, jikata. Ke ce mai wannan alƙalamin?"

"Ni ce, Baba."

"Sau uku na karanta ta. Bayan na farko sai da na taɓa jijiyar hannuna in ji ko tana bugawa. Irin wannan yabo ai sai a kan gawa."

Ta sunkuyar da kai.

"Hannunki yana da daɗi, ban raina ba. Amma ni likita ne. Idan na ga an cika wa cokali zuma haka, na san akwai ƙwaya a ƙasa. Na tona, na tona, na sami wannan." Ya ɗora yatsa a kan jimlar. "Waɗanne sassa ne? Wane hali? Yaushe? Tun shekaranjiya nake tambayar kaina ko wani laifi na yi. Ko na faɗa wa wani yaro maganin da aka daina bayarwa, ana jin nauyin gaya mini kaina ya fara tsufa."

"Wallahi ba haka ba ne, Baba!"

"To mene ne?"

Bakinta ya buɗe, ta kusa faɗa. Sai ya ɗaga hannu.

"A'a. Ba naki ba ne ki faɗa. Wanda ke kan kujera shi zai nema. Na zauna a kanta, na san nauyinta. Ki koma ki rubuta mini abin da babban mutum zai karanta ya san me ake so da shi."

Ta fito idonta cike da ƙwalla. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, tsoron kada ta ji masa ciwo ne ya sa shi yin kwana biyu yana zargin hankalinsa. Takardar Babban Akawu da ta raina, duk da kaushinta, aƙalla ta faɗi abin da take nufi.

Ta zauna ta sake farawa. Ta bar muƙaminsa ɗaya, wanda yake riƙe da shi yanzu. Ta sa kan magana a fili: *Neman amincewa a mayar da ɗaki mai lamba uku ɗakin jarirai bakwaini.* Gaisuwa layi biyu, da tambayar lafiyarsa da ta iyali. Sannan ta rubuta:

*Baba, kwalaben jarirai shida za su iso ranar sha takwas ga wata. Ɗakin da kake zaune shi kaɗai ne ke manne da sashen haihuwa, kuma masu haɗa wuta suna bukatarsa daga Litinin mai zuwa. Muna roƙon ka amince mana da shi. Mun tanadar maka ɗakin da ke kusa da laburare, a ƙasa, ba hawa bene. Muna kuma neman shawararka kan yadda za a jera kwalaben, domin kai ka tsara sashen.*

Ta so ƙara "fitilar da ta kunna fitilu". Ta rubuta, ta kalle shi, ta goge. Ta rufe da addu'a layi ɗaya. Babu "a madadin", babu kwafi ga kowa. Duka ba ta cika shafi ba.

Shugaba ya karanta, ya cire tabarau.

"Ba ta yi tsauri ba kuwa? Har da rana a ciki."

"Ranar ce ya nema, ranka ya daɗe. Sai dai saura abu biyu. Na bar wurin gaisuwar sama babu komai, da hannunka za ka rubuta. Sannan… ba masinja zai kai ba."

Ya dube ta har sai da ta fara nadamar buɗe baki. Can ya ɗauki alƙalami, ya rubuta *Malamina, Baba Likita*, ya sa hannu a ƙasa, ya miƙe yana gyara rigarsa kamar ɗalibin da za shi jarrabawa. Ta bi shi da ido har ya sha kwanar barandar. Minti arba'in bai dawo ba. Da ya dawo ya shige ofis ya rufe ƙofa.

Juma'a da safe ta tarar da ambulan a kan teburinta, mai nauyi a gefe ɗaya. Aikinta ne ta buɗe wasiƙun Shugaba ta shigar da su rajista. Mabuɗi ya faɗo, ɗaure da tsohon zare. Takardar rubutun hannu ce, mai ɗan rawa. Tsohon bai kira ɗalibinsa "yarona" ba kamar yadda ya saba a baki. *Zuwa ga Shugaban Asibiti. Ranka ya daɗe,* haka ya fara. Ya ce ya amince. Ya ce a jera kwalaben nesa da taga, domin ranar yamma tana dukan bangon nan. Ya ce a turo mutum biyu su kwashe littattafai gobe. A ƙarshe ya ƙara layi ɗaya: *Shukar tawa a ba mai alƙalami. Ruwa kaɗan take so, in an cika mata sai ta ruɓe.*

Babban Akawu ya leƙo ta kafaɗarta, ya ga mabuɗin.

"Ikon Allah! Ba sanda ba tsawa?" Ya sosa ƙeya. "In kin gama, ba ni kwafin taki in sa a fayil. Nan da shekara biyu wani zai rubuta mini tawa."

Ta buga hatimin karɓa, ta rubuta kwanan wata, ta ɗauki mabuɗin ta nufi sashen haihuwa.