Shirun Yaya a Shafin 'Yan Tsaki

Gonar kajin ta mahaifinsu ce, amma da ya rasu Auta ne ya hau kujerar ofis, Yaya kuma ta ci gaba da abin da ta saba: yawo rassa tana koya wa sababbin ma'aikata renon 'yan tsaki. Kowa Yaya yake ce mata, har direba mai furfura. Aikin nan shi ne nata a duniya. Ba ta iya zaman ofis, fanka ma ciwon kai take sa mata.

Ranar nan Auta ya kira ta, ya turo mata kwamfuta a kan tebur.

"Yaya, gwiwar nan taki ta isa hutu. Ki yi mana darasin a bidiyo, duk wanda aka ɗauka ya kalla a wayarsa."

"Gwiwata ta kawo maka ƙara ne, ranka ya daɗe Manaja?"

"Ni dai ina jin ƙararta tun daga bene." Ya yi dariya shi kaɗai. "In bidiyon ya tsaya da ƙafarsa, shi ke nan, kin huta da hanya. In kuma bai yi ba, sai ki ci gaba da zuwa."

Yaron da ta goya, wai yau shi ke yanke mata hutu. Ta ɗauki kwamfutar ta fita.

To, Yaya ba ta iya aikin ganin ido ba, ko da aikin na korarta ne. Ta share teburin ɗakin ajiya, tsakanin buhunan abincin kaji da kwalayen magani, ta ja layi a takarda ta raba ta uku: nan shafin da zai fito a allo, nan abin da za ta faɗa a kansa, nan tsawon lokacin da zai zauna. Sai ta ga ashe rabin maganarta ba ta shiga bidiyo. "Barkanku da safiya" ta soke, don wani da yamma zai kalla. "Kamar yadda na nuna muku jiya" ta soke, babu jiya. "Ku dubi nan" ma ba shi da amfani tunda ba a ganin yatsanta, dole ta sa jan da'ira a kan hoton. Da ta gwada ɗaukar murya kuma ta gane in tana magana ta juya shafi, muryar na gutsirewa. Sai ta bi ƙarshen kowane shafi ta rubuta: rufe baki, sannan juya.

Wuri ɗaya ne ba ta taɓa ba. A darasinta akwai hotunan 'yan tsaki a ƙarƙashin fitilar ɗumi. In sun dunƙule a gindin fitila, sanyi suke ji. In sun watse jikin bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. In duk sun koma gefe guda, iska ce ke shigowa ta wani wuri. Yaya ba ta taɓa faɗa wa ɗalibi wannan da farko ba. Takan ɗaga hoton ta yi gum, ta kafe mutum da ido, har sai zufa ta karyo masa ya faɗi abin da ya gani. Wanda ya gano da kansa ba ya mantawa. Don haka a gaban shafin ta rubuta da manyan baƙi: SHIRU, MINTI GUDA. Amsar tana shafi na gaba.

Auta ya karanta tsarin a tsaye, yana kaɗa makullin mota.

"Yaya, shirun minti guda a bidiyo? Ai sai su ɗauka kin suma."

"Kai da aka koya wa da shirun nan, ka suma?"

"Na kusa. Amma ai kina gabana, idon nan naki kamar na mai bin sawun ɓarawo." Ya ajiye takardar. "Ki gwada a kan mutum tukuna."

Ta ɗauki gwaji, ta kira wani sabon ma'aikaci da ake ce wa Dogo, magidanci mai natsuwa, ta ba shi waya. Ta koma bayan buhuna ta zauna inda ba zai ga fuskarta ba.

Da farko lafiya lau. Yana gyaɗa kai, har ya yi murmushi a inda ta ce ɗan tsaki ya fi jariri shagwaɓa. Sai hoton dunƙulallun tsakin ya fito, muryarta ta ɗauke. Dogo ya jira kaɗan. Ya ƙara sauti. Ya jijjiga wayar, ya ɗaga ta sama wajen taga kamar mai neman sabis. Daga nan ya sa yatsa ya ja gaba, ya tsallake hoton da amsar baki ɗaya, ya faɗo a kan wanke mazubin ruwa.

"Yaya, ya yi kyau wallahi," in ji shi da ya gama. "Wuri ɗaya ne dai ya maƙale."

"Ya maƙale," ta ce. "To, sannu. Je ka."

Ta daɗe a zaune, warin dusa na shiga mata hanci. Abin ya yi mata ciwo ta inda ba ta zata ba. Shekarun nan duk ta ɗauka shirun ne ke koyarwa, ashe ita ce a tsaye a cikinsa. An cire ta, ya zama waya ta lalace.

Sai wani tunani ya lallaɓo. Ai sai ta bar shi haka. Auta ba zai sake karanta tsarin ba, ta san halinsa. Sababbi za su yi ta tsallakewa, rassa su fara kuka, a dawo a ce Yaya taimaka ki zo. Motar gonar za ta sake tsayawa a ƙofarta da safe. Har ta ji daɗin abin a bakinta.

Amma kafin rassa su yi kuka, me zai fara faruwa? Ta sani sarai. Ta sha kwasar 'yan tsaki da safe a gindin fitila, sun danne juna saboda sanyi, a cika bokiti da su, marasa nauyi kamar auduga.

"Allah ya isa tsakanina da kai, Auta," ta faɗa a hankali, ta jawo biro.

Ta soke shirun. A gurbinsa ta rubuta abin da za ta faɗa: "Tsayar da bidiyon nan. Dubi inda tsakin suka taru, ka faɗi dalili da bakinka, sannan ka ci gaba." Ta sa a rubuta hakan a ƙasan hoton ma, don mai kallo cikin hayaniyar inji. Ta bar ɗan numfashi kaɗan, daidai kai yatsa ga allo. Ta raba hotunan, kowanne da shafinsa, amsarsa na biye da jan da'ira, don kada ido ya yi satar amsa. Da lokaci ya nemi yin yawa, ta yanke labarin yadda mahaifinsu ya koya mata, wanda ba ta taɓa yin darasi babu shi ba.

Aka gwada a kan wata sabuwar ma'aikaciya. Matar ta tsayar, ta ƙura ido, ta ce da wayar, "Sanyi suke ji." Ta ci gaba, ta ga ta canka, ta yi 'yar dariya. Ko waiwayowa ba ta yi ta ga wa ke bayan buhuna ba.

Auta ya yi murna ƙwarai. Ya ce ai ya san Yayarsa, ba a ba ta aiki ta yi rabi. A satin nan aka tura bidiyon duk rassa, aka kuma shigo mata da tebur ofishinsa, kusa da taga, da kujera mai juyawa.

"Ga ki ga hutu," ya ce. "Me za a kawo miki?"

"Kashe fankar nan," in ji ta.

Ya kashe. Ta zauna, ta ɗora hannuwa a kan teburin da babu komai a kansa. Ta taga tana hango direba yana loda kwalayen tsaki zuwa reshe, ya rufe bayan motar, ya zagayo, ya ajiye jakarsa a kujerar gaba, inda ta saba zama.