Sunan Dogo a Jikin Allo

Dogo yana cikin auna wa wata mata wayar wuta mita biyar a shagonsa 'yarsa ta shigo. Ta jira sai da matar ta tafi, sannan ta ajiye fom a kan kantar shagon.

Fom ne na shiga ƙungiyar ma'aikatan lantarki. Ta gama koyon aiki, wani kamfani mai haɗa sola ya ce zai ɗauke ta, amma sai ta kawo katin ƙungiya kafin Alhamis. Ƙa'ida ce mutum biyu 'yan ƙungiya su sa mata hannu a matsayin shaidu. Shi Dogo ya sa nasa tun jiya. Yanzu ga shi an ja jan layi a kai.

Ta ce Sakataren ƙungiya ya ce sa hannunsa ba ya aiki, domin shekara biyu ke nan bai biya kuɗin shekara ba. Kuma ta ga sunansa a jikin allon bakin ofis, na huɗu cikin waɗanda ake bi.

"Uwata, da idonki kika gani?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta.

"Da idona, Baba. Har da inkiyarka."

Jini ya hau masa ka. Shekara ashirin da uku yana cikin ƙungiyar nan. Shi ya ja wayar ofishin da hannunsa, ko sisi bai karɓa ba. Fankar da Sakatare yake shan iskarta ma shi ya ɗaura. Yau shi ne aka rubuta a allo kamar wanda ya gudu da kayan mutane.

A ganinsa ai ya daɗe da fita. Tun da ya daina hawa tsani ya buɗe shagon kayan wuta, ya daina zuwa taro, ya daina biya, ya ɗauka shi ke nan magana ta mutu. Jiya da zai sa hannu zuciyarsa ta ɗan yi masa wasiwasi, amma ya ce da kansa wa zai duba wannan, ai kowa ya san shi.

Ya yago takarda daga littafin 'yarsa ya zauna rubuta wasiƙar fita. Ya cika shafi biyu da rubutu mai karkata. Ya tuna musu fanka, ya tuna musu waya, ya kira Shugaban ƙungiyar butulu sau uku. Da ya koma gida cin abincin rana ya karanta wa uwar yara. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye shi ko ya bar wani gurbi a ƙasa inda Shugaban zai sa wa 'yarsu hannu bayan ya gama karanta zagin. Dogo ya ce ita ba ta san harkar maza ba. Ta ce gaskiya ne, harkar 'yarta kaɗai ta sani.

Da la'asar ya hau benen ofishin. Allon yana nan, sunansa yana nan. Sakatare ya miƙe yana gaishe shi, Dogo bai amsa ba, ya tambaya wane mai ƙarfin hali ne ya rubuta shi. Sakatare ya ce ba ƙarfin hali ba ne, doka ce. Wanda ya daina biya bai fita ba, yana nan ɗan ƙungiya, kuɗin ne kawai yake taruwa a kansa. Mai son fita sai ya rubuto wasiƙa, ya biya abin da ya rage har ranar da ya rubuto, ya dawo da kati da hatimi. Daga nan a karanta wasiƙar a taro, a sa ta a fayil, a mai da sunansa cikin waɗanda suka fita lafiya. Ya ƙara da cewa sau uku suna aika masa saƙo a waya.

Dama Dogo ya ga saƙonnin. Bai buɗe ko ɗaya ba.

"A karanta a taro?" ya ce, hannunsa a kan aljihu inda wasiƙar take.

"Gaban kowa. Haka ake yi."

Ƙofar ciki ta buɗe, Shugaba ya fito. Shi da Dogo tare suka koyi aiki wurin maigida ɗaya, tare suka sha ranƙwashi. Bai miƙa wa Dogo hannu ba. Ya ce ashe manyan 'yan kasuwa sun tuna hanyar bene. Dogo ya ce allon ne ya nuna masa hanya. Daga nan magana ta ɓarke. Dogo ya ce an ci mutuncinsa a gaban 'yarsa. Shugaba ya ce shi da bakinsa ya hana a rubuta sunan shekara guda cur, har 'yan kwamiti suka fara cewa yana son kai. Ya ce ya san dalili, tun ranar da ya ci zaɓen shugabanci Dogo ya ɗauke ƙafa, baƙin ciki ne kawai, to ya fito ya faɗa.

"Ni ne na zaɓe ka, ɗan banza," in ji Dogo.

"To me ya kore ka?"

Dogo ya kawar da kai. Ya dubi fom ɗin 'yarsa, ya tuna Alhamis jibi ce. Ya ce da Sakatare ya ba shi farar takarda da biro, zai rubuta musu wasiƙarsu yanzu ya huta. Ya bar wasiƙar farko a aljihu inda take.

Ya zauna, ya ɗora biro. Hannun ya soma abin da ya saba, yana karkarwa, bakin biro yana tsalle a kan layi. Ya danne shi da na hagu.

"Tun yaushe?" Shugaba ya tambaya.

Dogo ya ce tun da ya faɗo daga tsani. Likita ya ce jijiya ce ta taɓu. Ko sukudireba ba ya iya riƙewa daidai, wa zai bar shi ya taɓa masa wayar gida? Bai so a ji a ƙungiya ba, kada a riƙa kallonsa ana girgiza kai.

Ya zaci Shugaba zai sauko. Ina, sai ma ya ƙara hawa. Ya buga tebur, ya ce ƙungiya tana da asusun masu rauni, su biyu suka tsaya aka kafa shi. Da ya faɗa, da kwamiti ya yafe masa kuɗin shekarun nan har a taimaka masa da magani. Amma shi ya gwammace a ɗauke shi maci amana da a ɗauke shi mara lafiya. Ya ce bai taɓa ganin girman kai irin wannan ba. Dogo ya ce ba ya son yafiyar kowa, zai biya nasa kashi-kashi, a rubuta. Shugaba ya ce a rubuta masa, tun da taurin kai gadonsa ne.

Layi uku Dogo ya rubuta. Ya gode wa ƙungiya, ya ce yana ajiye zamansa ɗan ƙungiya daga yau saboda rashin lafiya, ya ce zai biya abin da ya rage. Ya ciro kati ya ajiye, ya ce hatimi yana shago, gobe zai kawo.

Sakatare ya tuna masa cewa yanzu da ya fita, sa hannunsa ba zai yi wa 'yarsa aiki ba ko ya biya. Dogo ya ce ya sani. Ya tura fom ɗin tsakiyar tebur, bai dubi kowa ba.

Shugaba ya fizge shi, ya sa hannu da ƙarfi har biro ya kusa huda takardar, ya tura wa Sakatare ya sa na biyu.

"Don ita na yi, ba don kai ba. Ka ce mata ta zo gobe da hotuna biyu. Kai kuma ranar taro ka zo ka zauna a karanta wasiƙar kana nan, a yi maka sallama kamar mutum."

Dogo ya ce zai duba. Shugaba ya ce kada ya duba, ya zo.

A bakin ƙofa ya tsaya gaban allon. Ya tambayi Sakatare yaushe za a goge. Sakatare ya ce bayan taro. Dogo ya yi tsaki, ya ninke fom ɗin a hankali, ya sa a ɗaya aljihun don kada ya haɗu da wasiƙar farko, ya kama ƙarfen bene da hannun hagu ya sauka.