Allurar Sha Biyun Rana

Garwashi ake ce masa a layin masu zubin tukwane, kuma ba don wutar da yake wuni a gabanta kaɗai ba. Mutum ne mai ƙarfi da taurin kai. Rumfarsa tana ƙarshen layi, kwano a sama, baƙar ƙasar zubi a ƙasa, murhu a kusurwa da fankar da ke hura shi. Shi da ƙanensa Auta suke aikin. Babbar tukunya ba ta zubuwa da mutum ɗaya. Kaskon narkakkiyar dalma a kan sandar ƙarfe ake ɗaukarsa, ɗaya a nan ɗaya a can, kuma dole ƙafafunsu su tafi tare.

Da ciwon sukari ya kama shi, aka ɗora shi a kan allura kafin abinci. Ma'aikaciyar jinya a asibiti ta faɗa masa sarai: idan ya yi allurar, ya ci abinci ba da jimawa ba, in ba haka ba sukarin jikinsa zai faɗi ƙasa. Da farko mantuwa yake yi, har ciwon ya kwantar da shi. Da ya tashi sai ya zauna ya cika wayarsa da tunatarwa. Gwajin jini ya sa shi da asuba, lokacin da yake fafutukar neman takalmi da mabuɗin rumfa. Duba ƙafa ya sa shi bayan isha'i, lokacin da barci ya riga ya kayar da shi a kan tabarma. Allurar rana kuwa ya sa ta sha biyu daidai, don a ganinsa nan ne tsakiyar rana, kuma ya rantse da ta yi ƙara zai soka, ko me yake yi.

Ta asuba da ta dare yatsa kawai yake sa musu ya kashe. Ta ranar ce ya riƙe, ita ce kuma ta fi haɗari. Sha biyu lokacin da dalma take dab da narkewa ne. Idan ta narke ba ta jiran kowa. Sai an zuba ta kafin ta huce, a sake cika kasko, a sake zubawa. Abincin da matarsa ke aiko masa yana nan a rufe a kan benci, shi kuma yana ɗaukar nauyi a cikin zafi da allura a jikinsa da ciki wayam.

Ranar da abin ya fara fitowa fili, wanka wa Auta mari ya yi a kan wani murfin tukunya da ya ce ya karkace, alhali bai karkace ba. Bayan ya ci abinci ya dawo hayyacinsa, bai ma tuna ba sai da ya ga shatin yatsunsa.

Da yamma Auta ya biyo shi gida. Matar Garwashi tana tsakar gida tana wanke kwanuka.

"Matar Yaya, zo ki ga aikin mijinki," in ji Auta, yana nuna kuncinsa.

Ta duba, ta goge hannu a zani. "Na faɗa masa tun ba yau ba. Maigida, ka matsar da allurar nan zuwa bayan azahar, sa'ad da kuka kashe wuta kuka wanke hannu. A lokacin abinci yana gabanka. In kana shakka, ka tambaye su a asibiti. Gwajin kuma ka sa shi sa'ad da na ɗora shayi, kana zaune kana jira. Ƙafa ka duba ta da ka fito wanka, ba sai kana minshari ba."

"To likita," in ji Garwashi. "Yaushe aka ba ki farar riga ban sani ba?"

"Ni ba likita ba ce. Ni ce dai mai ganin lokacin da kake mutum da lokacin da kake buhun gawayi."

Auta ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Yaya, ba wasa na zo yi ba. Hannunka rawa yake a kan sanda. Ni ne a ɗaya gefen. In ka sake taɓa ni, ko ka sake ɗaukar kasko a wannan halin, ka nemi wani."

"Kai da na goya? Ni zan koya wa waya lokaci ko ita za ta koya mini? In na matsar yau, gobe in matsar, jibi in manta. Sha biyu na ce, sha biyu ce."

Yana ganin wannan shi ne riƙon alkawari. Girman kai ne kawai. Sauya lokacin ba zai ci masa abin da ya kai kurɓar ruwa ba, amma matarsa da ƙanensa ne suka faɗa, shi ya sa ya ƙi.

Kwanaki suka wuce lafiya, don gawayi busasshe ne, zubi yana ƙarewa da wuri. Sai aka yi ruwa da safe wata rana. Gawayin ya jiƙa, wuta ta ƙi kamawa sai hayaƙi. Ga mai motar da ya zo ɗaukar manyan tukwane ya tsaya a bakin layi yana danna hon. Garwashi ya sha shayinsa a tsaye tun da sassafe, bai ƙara komai ba.

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya shiga lungu ya ɗaga riga.

"Yaya, bari sai mun zuba," in ji Auta.

"Hura wutarka," in ji Garwashi, ya soka allurar.

"To ci ko loma biyu. Ga kwano nan."

"Da wannan hannun? Ka ga dalma ta fara kwanciya. Mu zuba tukun."

Suka zuba na farko lafiya. Suka sake loda kasko da gwangwanaye da guntayen ƙarfen mota. Wutar ta sake yin sanyi, aka jira. Kafin na biyu ya narke, rigar Garwashi ta jiƙe da wata zufa mai sanyi wadda ba ta wuta ba. Leɓɓansa suka yi fari. Ya tsaya yana kallon awartakin da ke hannunsa kamar bai san shi ba.

Auta ya gani. Ya saki fanka ya miƙe. "Ba zan ɗauka da kai ba. Zauna."

"Me ka ce?"

"Na ce ka zauna ka ci abinci. Mai mota ya jira."

"Kai da matata kun haɗa baki," in ji Garwashi, harshensa yana nauyi. "Rumfar kuke so. Ɗauki sanda."

"Ba zan ɗauka ba."

Awartakin ya sauka a kafaɗar Auta. Ƙarar ta fita har waje. Auta ya durƙusa, ya ɗaga hannu ya kare kansa, na biyu ya same shi a tsintsiyar hannu. Ya rarrafa baya, ya bugi akwatunan zubi suka rushe, ƙasa ta watse. Garwashi ya bi shi yana tangaɗi yana zagi, zagin da bai taɓa yi wa ɗan uwarsa ba. Ya jefar da awartakin, ya cafki sandar kasko shi kaɗai, wai zai nuna masa ba ya bukatar kowa.

Kaskon ya taso daga murhu, ya karkata. Dalma ta kwararo fara tas, ta bi ƙasa da gudu kamar ruwa, ta cim ma ƙafar Auta ta hagu. Takalmin roba ne a ƙafarsa. Ya narke nan take. Ihun da ya yi shi ya tsayar da guduma a duk layin.

Mai walda na rumfar kusa ne ya fara shigowa. Garwashi ya kai masa naushi a baki har jini ya fito. Mai waldan ya shaƙo wuyansa ta baya, mai mota ya kwashe ƙafafunsa, suka maka shi da ƙasa suka danne. Yana fizge-fizge yana cizo. Wani ya ɗauko itace zai rafka masa.

Auta ne ya hana, yana kwance ana kwarara wa ƙafarsa ruwa daga durom. "Kar ku dake shi. Sukari ne. Ku ba shi lemo mai zaƙi in yana iya haɗiya."

Aka zaunar da shi a jikin bango, aka kafa masa kwalba a baki. Ya kwankwaɗa, rabi yana zuba a ƙirjinsa. A hankali idonsa ya dawo. Ya ga jini a bakin maƙwabcinsa, ya ga dalma ta daskare a ƙasa da guntun takalmi a maƙale a cikinta, ya ga ana cicciɓar ƙanensa zuwa motar da ta zo ɗaukar tukwane.

"Wa ya yi masa haka?" ya tambaya.

Mai walda ya tofar da jini a gabansa ya fita.

Yatsun ƙafa biyu aka cire wa Auta, hannu kuma aka ɗaure. Garwashi bai iya shiga ɗakin da aka kwantar da shi ba sai da matarsa ta tura shi. Kafin nan ya nemi ma'aikaciyar jinyarsa, ya faɗa mata yadda wuninsa yake tafiya tun daga farkawa har kwanciya, abin da bai taɓa yi ba. Ta ce allurar da abinci take tafiya, ba da tsakiyar rana ba, kuma ya riƙa cin wani abu da hantsi tunda aikinsa na ƙarfi ne. Tare suka sake lokutan.

Ya tsaya a gefen gadon ya miƙa wa Auta wayar. "Na gyara. Duba."

Auta ya karɓa da hannu mai lafiya. Ya daɗe yana kallo. Allura bayan an kashe wuta. Gwaji lokacin shayi. Ƙafa bayan wanka. Wata sabuwa da hantsi, ta cin abinci.

"Wannan ta hantsin ka matso da ita baya kaɗan," ya ce. "Kafin ka kunna wuta. In ka kunna ba za ka zauna ba, na san ka. Ranar da zubi ya yi latti kuma, in ta allurar ta yi ƙara, ka ɗaga ta sai ka zauna a gaban kwano."

"Zan yi. Auta, ban san ina yi ba. Allah ne shaida."

"Na sani, Yaya. Lokacin da kake dukana ba ka sani ba. Amma ranar da muka roƙe ka a tsakar gida, ka ci ka ƙoshi, da hankalinka."

Garwashi ya sunkuyar da kai. "In ka warke, gefenka yana nan."

"Na yafe maka dukan. Sanda dai ba zan sake ɗauka da kai ba. Ko ina so, ƙafar ba za ta bi taka ba." Ya miƙa masa wayar, ya juya fuska wajen taga. "Ka gaida matar Yaya."

Babu wanda ya yarda ya kama masa kasko a layin bayan wannan. Ya sayar da manyan akwatunan zubi ga maƙwabta, ya koma zuba ludaya da ƙananan tukwane, abin da hannu ɗaya zai iya ɗagawa. Mai mota bai sake tsayawa a ƙofarsa ba.