Gwaji a Kan Kwafi

Ɗakin manyan kwamfutocin asibitin ba shi da taga, kuma na'urar sanyaya ɗakin ba ta san sassauci ba. Injiniya tana zaune a ciki tun hantsi, ta naɗe ƙafafu a kan kujera mai karyayyen hannu, yatsunta sun yi sanyi ƙalau amma bayanta gumi yake yi.

Asibitin rassa biyu gare shi, babba da ƙarami, kowanne da kwamfutarsa da bayanan marasa lafiyarsa. Ita aka ba aikin haɗa su, ta rubuta manhajar da za ta riƙa daidaita bayanan, abin da aka rubuta a nan ya bayyana a can. Sauran masu hannun jarin asibitin wani kamfani suka so a kira ya yi aikin. Kawunta, wanda shi ne manaja, ya yi tsaye ya ce 'yar yayarsa za ta iya, ya sa mutuncinsa a kai. Yau da azahar za su zauna, kuma ya riga ya cika musu baki cewa kafin su tashi za a kunna abin a gabansu. In bai tashi ba, aikin ya bar hannunta, shi kuma ya san irin kallon da zai sha.

Ba ta yi ganganci ba. Ta kwafe bayanan rassan biyu zuwa wata kwamfuta daban, can take duk wasanta. Ta fara da abin da take kira gwajin baka, inda manhajar za ta bi komai ta faɗi abin da za ta yi amma ba ta taɓa ko harafi. Sakamakon ya fito fes: za ta ƙara wasu, za ta sabunta wasu, ba za ta goge kowa ba, babu kuskure. Daga nan ta sake ta a kan kwafin ta yi aikin da gaske, sannan ta sa kwamfuta ta zaɓo mata marasa lafiya barkatai, ta jera bayanansu na da da na yanzu gefe da gefe. Duk sun yi daidai.

Kawu ya turo ƙofa ba sallama, abin da ba halinsa ba. Ya sha babbar riga, ƙamshin turarensa ya cika ɗan ɗakin.

"Ke, ya ake ciki? Sun fara isowa."

"Saura kaɗan, Kawu."

"Tun jiya nake jin saura kaɗan ɗin nan. Ba kin ce komai ya yi daidai ba?"

"Waɗanda kwamfuta ta zaɓo sun yi. Yawancinsu zazzaɓi ne ya kawo su sau ɗaya. Ina so in duba wanda ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin rassan biyu."

Ya ja tsaki ƙasa-ƙasa ya tsaya a bayanta. Babu abin da ke sa mutum manta haruffan sunansa irin a tsaya masa a ka yana bugawa. Mutum ɗaya ta sani mai irin wannan zirga-zirgar, don ita take kai ta. Ta buga lambar katin mahaifiyarta.

Suna daidai. Shekaru daidai. Hawan jini yana nan, lambar waya sabuwa. Ta gangaro zuwa gurbin da ake rubuta maganin da jikin mutum ba ya ɗauka. A hagu, a bayanan da, an rubuta penisilin da manyan haruffa. A dama babu komai.

Abin da ya fara zuwa mata ma ba kuskuren ba ne, tambaya ce mai muni: a ina ta saki manhajar ɗazu? Tagogi biyu ne a buɗe a allonta tun safe, na kwafi da na asali, kuma kamarsu ɗaya. Ta buɗe saitin manhajar, ta bi adireshin kwamfutar da manhajar ta nufa da yatsa harafi bayan harafi. Na kwafi ne. Ta sake karantawa. Na kwafi ne dai. Sai a lokacin ta saki numfashi.

"Mene ne?" in ji Kawu.

"Ba za a kunna yau ba."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ban ji ba."

"Na sa mata doka cewa in bayanin mutum ya bambanta a rassan biyu, wanda aka taɓa daga baya shi ne gaskiya, ta ɗauke shi gaba ɗaya ta ɗora a kan ɗayan. A ƙaramin reshe ba sa cika wannan gurbin, a nan babban reshe ne nas-nas suke cikawa. To an canza wa Umma lambar waya a can kwanan nan. Nasu ya zama sabo, ya zo da gurbinsa fanko ya shafe namu."

"Ke da bakinki kika ce ba za ta goge komai ba."

"Mutum ne ba za ta goge ba. Wannan a wurinta sabuntawa ce, ta ƙirga shi cikin aikin kirki. Jimla kawai na sa ta nuna mini, ban sa ta nuna gurbi-gurbi ba."

Ta tace kwafin, ta nemi duk wanda gurbinsa ke cike a da ya koma fanko yanzu. Sunaye suka gangaro har suka wuce ƙasan allon. Kawu bai kalle su ba, agogonsa ya kalla.

"To kin gano. Gyara. Minti nawa?"

"Gyaran ba shi da yawa. Zan hana fanko ya shafe rubutu, in sa ta kwatanta gurbi da gurbi. Amma sai na ɗauki sabon kwafi, na maimaita gwajin baka, na sake kwatantawa, wannan karon da likita a kusa da ni ya nuna mini guraben da ke kashe mutum. Ba aikin yau ba ne."

"Ki gyara ki kunna, ki yi gwajinki gobe."

"A'a, Kawu."

Ba ta taɓa ce masa a'a ba tun da ta yi wayo. Shi ya kai ta makaranta ranar farko, shi ya saya mata kwamfutar da ke gabanta. Ransa ya ɓaci ƙwarai, muryarsa ta yi ƙasa.

"Kin san abin da za su ce? Za su ce na ɗauko 'yar gida na ba ta abin da ya fi ƙarfinta. Kamfani za su kira, yau ɗin nan."

"Na sani."

"Kin sani."

Ta mayar da allon kan katin mahaifiyarta, ta juya shi ya fuskance shi. Ya sunkuyo don ya yi mata faɗa da kyau, sai idonsa ya sauka a kan hoton. Yayarsa ce, da ɗankwalinta a karkace kamar kullum. Shi ne ya ɗauke ta a mota shekarun baya, ranar da aka yi mata allurar penisilin ɗin nan a wani wuri, fuskarta ta kumbura, numfashi ya gagara, yana tuƙi yana kiran sunanta. Ya daɗe yana kallon gurbin da babu komai a ciki.

"Wannan... na gasken ne?"

"Kwafi ne."

"Buɗe mini na gasken."

Ta buɗe. Penisilin yana nan da manyan haruffansa. Ya sa yatsa a kan gilashin allon ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi.

Sakatariya ta leƙo ta ce kowa ya hallara, shi ake jira. Ya miƙe ya gyara rigarsa ya fita, bai kalli Injiniya ba. Ta zauna tana jin takunsa a baranda, sai ta ji ya tsaya. Ta ɗan tura ƙofar. Yana tsaye a bakin ɗakin taron, waya a kunne.

"Yaya, ni ne. A'a, ba komai. Kin yini lafiya? To. To, madalla. Ba komai wallahi, muryarki kawai."

Ya sa wayar a aljihu, ya goge fuskarsa da hannun riga, ya buɗe ƙofa. Kafin ta rufu ta ji wani daga ciki yana tambaya ko a jawo allon bango.

"Ku bar shi," in ji Kawu. "Ba yau ba. Ni na ce a dakata."